Daga saƙonnin waya 47 zuwa wasiƙa mai shafi ɗaya

Saƙonni 47 sakataren kwamitin wata unguwa a nan Damagaram ya turo mini a daren wata Asabar, 31 rubutattu, 16 na murya, irin waɗanda muke ce wa bokal. Duka daga zauren WhatsApp na unguwar ya kwaso su, kuma duka a kan abu ɗaya suke: babban kaniwon da ya ratsa unguwar ya cushe da rairayi da leda, ga damina ta matso. Ya ce mini, "Malam, a mai da mana su wasiƙa da Hausa mai kyau, muna son ganin magajin gari."

Ga kaɗan daga cikinsu, yadda aka rubuta su:

"slm jamaa wlh kaniwo nan in baa gyara ba bana sai Allah"

"ace ma mer yazo da kanshi ya gani, kullum sai alkawali"

"wai ance kudin gyaran sun hito tun bara an cinye"

"mu dai a samo muna randebu ko gobe ne"

Wanda bai saba ba zai ɗauka aikin shi ne ya bi waɗannan jimloli ɗaya bayan ɗaya yana sa musu babbar riga: ya mai da "slm" ta zama cikakkiyar sallama, ya gyara "wlh", ya ƙara "Mai Girma" nan da can. In aka yi haka, abin da zai fito shafi uku ne na koke-koke cikin ladabi, kuma wanda ya karanta ba zai san abin da ake so ya yi ba. Wasiƙar neman ganawa abu ɗaya take roƙo, wato a ba ku lokaci. Maganar kaniwon kanta, da tarihinta, da ɓacin ranta, a bakin tebur za a yi su in an zauna. Saboda haka kafin in rubuta kalma ɗaya sai da na saurari bokal ɗin duka da biro a hannu, ina fitar da abin da za a iya aunawa ko a nuna da yatsa, ina barin sauran.

Abin da ya rage bayan tankaɗe bai cika rabin shafi ba. Kaniwon ya cushe tun daga bakin masallacin unguwa har zuwa mahaɗar babbar hanya. Ruwa ya shiga gidaje a daminar 2024. Matasa sun ce za su yashe da kansu in an ba su shebur da baro da motar kwashe abin da suka fitar. Wannan na ukun a cikin wani bokal na minti huɗu yake, can wajen ƙarshe, bayan mai maganar ya gama faɗa, kuma shi ne abu mafi daraja a cikin saƙonnin duka. Jami'in da aka ce masa "muna da matsala" yana jin nauyi ya ƙaru a kansa. Wanda aka ce masa "muna da hannu talatin, kayan aiki muka rasa" ya ga abin da zai iya sa hannu a kai.

Adadin gidajen ya ba ni wahala. Wani ya ce "sama da ɗari", wata Hajiya ta ce "duk unguwa", sakatare ya ce ashirin da wani abu. Na mayar masa da tambaya, na ce a ƙirga gida gida a rubuta. Washegari ya dawo da 26. Tsawon wurin da ya cushe kuma aka taka shi da ƙafa, aka samu kimanin mita 300. Wasu sun so a bar ɗarin don ta fi girgiza mutum. Ban yarda ba, saboda meri tana da ma'aikatan tsabta da suka san unguwannin nan lungu lungu, kuma da zarar an kama lamba ɗaya ta ƙarya, sauran wasiƙar ta zama abin shakka.

Saƙon da ya fara da "wai" ban ɗauki komi daga cikinsa ba. Duk jimlar da ta fara da "wai" ko "an ce" ba ta shiga takardar da za a buga wa hatimi a ajiye a dose da sunan mutum a ƙasanta. Zance a zaure yana wucewa, amma takarda tana nan, kuma wanda ya sa hannu shi za a tambaya hujja. Haka na cire maganar tsohon masallacin Birni da ruwan sama ya rusa a watan Satumba na 2024, wadda mutum uku suka kawo. Gaskiya ce, kowa a garin nan ya ji zafinta, amma ba a unguwarsu abin ya faru ba, kuma sa ta a wasiƙar zai yi kama da barazana: ga abin da zai faru in ba ku zo ba.

Daga nan sai tambayar da ta fi cin lokaci, wato wa ake rubuta wa. A zauren kowa "mer" yake cewa ko "magajin gari". Amma tun watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun da aka zaɓa, aka naɗa kantomomi a madadinsu, kuma da yawa daga cikinsu masu kaki ne. Bugu da ƙari, birnin Damagaram komin biyar ne a ƙarƙashin babbar ma'aikatar gari, don haka "meri" ba wuri ɗaya ba ce. Na aiki sakatare ya je da ƙafarsa ya karanto abin da ke rubuce a ƙofar buro, ya kuma tambayi mai karɓar wasiƙu yadda ake rubuta muƙamin, da ko aikin kaniwo a hannunsu yake ko sai babbar ma'aikata. Tafiyar minti ashirin ce. Wasiƙar da aka kai inda ba hurumi ba a yawanci ba a dawo da ita, ba a kuma ce maka ka yi kuskure, tana kwanciya ne kawai. Wasu sun ce a tsallake a rubuta wa gwamnan jiha kai tsaye. Gwamna zai mayar da ita ƙasa, ta iso hannun wanda aka tsallake, ya gane an tsallake shi.

Muƙami ake rubuta wa, ba mutum ba. "Zuwa ga Mai Girma Kantoman Komin" ya isa, ko da an sauya shi kafin wasiƙar ta kai teburinsa. In ana son sa suna, to sai da cikakken muƙaminsa na soja ko na ɗan sanda a gaba, daidai, don kiran Kanar da Kwamanda ya fi rashin sunan muni. Kuma a nan ne mutanenmu suka fi zamewa wajen laƙabi. Mu da muka tashi da fada a tsakiyar gari, bakinmu ya saba da "Mai Martaba" da "Allah ya ja zamaninka", sai mu ɗauka duk babba haka ake masa. Mai Martaba na Sarkin Damagaram ne da sarakuna. Jami'in gwamnati Mai Girma ne. "Ranka ya daɗe" tana da kyau a baki in an shiga buro, amma a takarda ban cika sa ta ba, in kuma na sa, sau ɗaya. In jami'ar mace ce, "Mai Girma" ba ya sauyawa, muƙamin ne da wakilin suna suke sauyawa, kuma kada a ce mata Hajiya a kan takarda sai in ita ma haka take sa wa a sunanta.

Sai batun "ka" da "ku". Hausar Kano ba ta ganin laifi a ce wa babba "ka", amma a ƙasar nan kunnen ma'aikaci ya saba da jam'in girmamawa na Faransanci, kuma mu ma muna ce wa dattijo "kun tashi lafiya". Don haka "ku" nake amfani da shi. Abin kiyayewa shi ne kada a gauraya. Na sha ganin wasiƙar da ta fara da "muna gaishe ku" ta ƙare da "muna jiran amsarka", alamar mutum biyu ne suka rubuta ko an kwafo rabi daga waya.

Yanzu jimlolin kansu. Ɗauki "ace ma mer yazo da kanshi ya gani". Umarni ne, ko da an yi masa ado. In ka rubuta "muna roƙon Mai Girma ya zo da kansa ya gani", ladabi ya ƙaru amma har yanzu kai ne kake tsara masa aikinsa, kuma ka sauya buƙatar: ku kuke neman zuwa wurinsa, ba shi ba. Na mai da ita haka: "A shirye muke mu raka duk wanda kuka wakilta domin ya duba wurin." Buƙatar ganin ido tana nan, amma an bar masa zaɓi. Wannan jimlar tana da wani amfani kuma. Sau da yawa babban jami'i ba shi da lokaci, sai ya rubuta a gefen takarda a tura wa babban sakatare ko shugaban sashen tsabta. In wasiƙar ta nace sai shi, ta rufe wa kanta wannan ƙofar, alhali mai sashen shi ne ya san inda baro da mota suke.

"Kullum sai alkawali" ta fita baki ɗaya. Da akwai wata tsohuwar wasiƙa da aka taɓa kaiwa mai lamba da kwanan wata, da na ambace ta a sarari: "Kamar yadda muka sanar a wasiƙarmu ta ranar kaza." Wannan tuni ne mai hujja. Babu ita, don haka babu abin faɗa.

"In baa gyara ba bana sai Allah" ta koma "muna fargabar ruwa ya sake shiga gidajen a daminar bana". Kalmar "sake" ita ta ɗauki nauyin duk wallahin da aka zuba a zauren. Rantsuwa ba ta shiga wasiƙar hukuma. "Don Allah" ma sau ɗaya ta isa, ko a bar ta, domin "muna roƙon alfarma" ta riga ta yi aikinta. Wasiƙar da ke da "don Allah don Annabi" a kowane layi tana kama da ta neman taimakon kuɗi, kuma a nan za a jera ta.

"Ko gobe ne" ita ce ta fi kowace illa duk da tana kama da sauƙin kai. Ba a ba jami'i rana ɗaya tak, ba a kuma ce masa "duk lokacin da kuka ga dama", domin wannan lokacin ba ya zuwa. Tazara ake bayarwa. Wasiƙar ta ɗauki ranar Litinin 12 ga Mayu 2025, na sa tazarar daga 19 zuwa 30 ga watan, wato an bar mako guda don takarda ta bi hanyarta daga mai rajista zuwa babban sakatare zuwa teburin kantoma. Na roƙi a kauce wa Alhamis, ranar babbar kasuwa, don biyu daga cikin wakilan a Kasuwar Dole suke sana'a. Juma'a ban ambace ta ba, kowa ya san aikin rabin yini ne. Na kuma faɗi tsawon ganawar, minti 20, da yawan masu zuwa, mutum huɗu. Sakataren da zai tsara ranar ya fi son ya san ko kujera huɗu zai tanada ko unguwa ce za ta cika farfajiya.

Kalmomin aro sai an yi musu hukunci ɗaya ɗaya. "Randebu" ta koma "ganawa". "Meri" ta koma "ma'aikatar komin". "Kaniwo" kuwa na tsaya a kanta. "Magudanar ruwa" ita ce Hausar takarda, "kwata" ƙaramar ta ƙofar gida ce, ba ita ake nufi ba, ma'aikacin da zai karanta kuma kaniwo ya sani a bakin aikinsa. Sai na rubuta "babbar magudanar ruwa, wato kaniwo" sau ɗaya, daga nan na ci gaba da "magudanar". Ban yarda da masu tono kalmar da ba wanda ke faɗa a garin nan don kawai gudun Faransanci ba. Haka lafazinmu na gida: "hito" da "lahiya" da "muna" mai ma'anar "mana" daidai suke a baki, amma a takarda na rubuta "fito", "lafiya", "mana", don wanda ke buron yana iya zama mutumin Dosso ko Diffa da ya koyi Hausa a makaranta ko a rediyo.

Haruffa masu ƙugiya ba ado ba ne. A waya kowa yana rubuta k da d da b kawai, mai karatu yana cike sauran da kansa. A wasiƙa wannan yana iya jawo abin kunya. Wani saƙo ya ce "in basu ji ba sai mu tahi fada". Ban san ko fadar sarki yake nufi ko faɗa ba sai da na kira shi. Haka "kasa" da "ƙasa", "bata" da "ɓata", "kara" da "ƙara". In ana bugawa a sibar ko wurin masu buga takardu, a duba bayan an fitar, domin wasu nau'o'in rubutu ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, sai su fito da ɗan akwati a gurbinsu. Tamu ta farko haka ta fito, akwati tara a shafi ɗaya, sai da aka sauya nau'in rubutun. Raba kalmomi ma yana cikin gyara: "ya zo" ba "yazo" ba, "ba a" ba "baa" ba.

Tsarin shafin na bi wanda burorinmu suka saba da shi, don idon mai rajista ya sami kowane abu inda yake nemansa: mai aikawa a sama ta hagu da lambar waya, gari da kwanan wata a sama ta dama, wanda aka rubuta wa a ƙasan kwanan watan, sannan layin dalili shi kaɗai. Wannan layin shi ake kwafewa a babban littafin rajista, kuma sau da yawa shi kaɗai babba yake karantawa kafin ya yanke inda takarda za ta. Na farko da na rubuta, "Koke kan halin da unguwarmu take ciki", na soke shi, don bai ce ana neman ganawa ba, bai ce kan me ba. Ga abin da jikin wasiƙar ya zama:

"Dalili: Neman ganawa kan yashe babbar magudanar ruwa ta unguwa kafin damina.

Mai Girma Kantoma,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, a madadin kwamitin ci gaban unguwarmu muna roƙon alfarmar ku ba mu lokacin ganawa na kimanin minti 20.

Babbar magudanar ruwa, wato kaniwo, da ta taso daga bakin masallacin unguwa zuwa mahaɗar babbar hanya ta cushe a tsawon kimanin mita 300. A daminar 2024 ruwa ya shiga gidaje 26 da ke gefenta, kuma muna fargabar ya sake shiga a daminar bana. Matasan unguwa 30 sun rubuta sunayensu domin yashe ta da kansu. Muna son mu tattauna da ku kan kayan aiki da motar kwashe abin da za a fitar.

Wakilanmu mutum huɗu ne. Za mu yi farin ciki in ganawar ta samu tsakanin 19 da 30 ga Mayu, ban da ranar Alhamis in da hali. In ayyuka sun yi muku yawa, a shirye muke mu gana da duk wanda kuka wakilta, mu kuma raka shi ya duba wurin.

Muna godiya da kulawarku. Ku huta lafiya."

A ƙasa shugaban kwamiti ya sa hannu, da cikakken sunansa da muƙaminsa da hatimin kwamiti. Hannu ɗaya, ba goma sha biyu ba. Jerin gidaje 26, sunayen matasan da hotuna huɗu aka haɗa a baya, aka ambace su a layi ɗaya a ƙarƙashin sa hannun: "An haɗa da". Sai layin ƙarshe, "Kwafi zuwa ga mai unguwa". Kafin a kai takardar an je an gaida Baba mai unguwa an karanta masa ita, domin tambayar farko da za a yi a buro ita ce ko ya sani, kuma da wuya a rasa wanda zai ɗaga waya ya tambaye shi.

Na karanta wa ƴan kwamitin ita da babbar murya a ƙofar gidan shugaba bayan la'asar. Wani dattijo ya ce, "Malam, ai ba ka faɗi komi ba, ina zafin?" Shugaba ya ce masa, "Alhaji, zafin mu riƙe shi mu tafi da shi." Karatun a fili ya kama kuskure ɗaya da ido bai gani ba: na rubuta "daga masallaci", alhali masallatai biyu ne a layin, sai aka fayyace wanne.

Saura batun harshe. Kundin Sake Gina Ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Don haka ba wanda zai ji kunyar kai wasiƙa da Hausa. Amma littafin rajista da Faransanci ake cika shi, kuma ba kowane ma'aikaci da ke jin Hausa ya saba karanta ta ba. Abin da na yi shi ne na sa fassarar layin dalili kaɗai da Faransanci a ƙarƙashin na Hausa, da ƙananan haruffa, don mai rajista ya kwafe ba tare da ya yi tasa fassarar ba. Da gwamna ko wata ma'aikatar Yamai za a rubuta wa, da na haɗa cikakkiyar fassara a shafi na biyu, da lambobi da ranaku iri ɗaya a duka biyun.

An fitar da kwafi biyu, shugaba ya sa hannu a kan kowanne da biro shuɗi don a bambanta shi da fotokopi. Sakatare ya kai su buron karɓar wasiƙu da safiyar Litinin ɗin, ba a hannun wani ɗan uwa da "ya san kantoma" ba, domin takardar da ta shiga ta aljihu ba ta da lamba, wadda ba ta da lamba kuma ba a iya bin sawunta. Ba a liƙe ambulan ba, tunda sai an buɗe an karanta kafin a yi rajista. Mai karɓa ya buga hatimin isowa a kan duka biyun, ya rubuta kwanan wata da lamba, ya riƙe ɗaya ya miƙo ɗaya. Wannan da aka miƙo ita ce desharji, kuma ita ake ɗauka in za a koma tambaya.

Na ce wa sakatare kada ya koma kafin mako ya cika, kada kuma ya wuce kwana goma, kuma in ya je kada ya ce "maganar kaniwonmu". Ya faɗi lambar da ranar, ya tambayi wane buro aka tura ta. Lambar wayar da ke kan wasiƙar tasa ce, na ce ya bar ta a buɗe, ya kuma ɗauki baƙuwar lamba in ta kira, don irin wannan kira sau ɗaya ake yin sa. Ranar Talata 20 ga wata ya koma, aka buɗe littafi aka nuna masa: an tura ta sashen tsabta, da ɗan rubutu a gefe cewa shugaban sashen ya karɓe su ranar Laraba 28, ƙarfe goma na safe, su zo da jerin sunayen matasan.